Kwana goma sha ɗaya ina neman asusuna na Facebook bayan an sauya mini imel da lambar waya

Ranar Talata ce, bayan la'asar, ina ninke atamfofin da za a kai tasha, sai wata tsohuwar kwastomata ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Hajiya, na tura kuɗin, amma me ya sa kika canza lambar asusun banki?" Gabana ya faɗi. Ni ban canza komai ba, kuma rabona da ita ya fi sati uku. Na ce ta dakata, na buɗe Facebook a wayata, sai na tarar an fitar da ni, ana neman in sake shiga. Na sa kalmar sirrina, aka ce ba daidai ba ce. Na sake sawa a hankali, harafi bayan harafi, amsar dai ita ce.

Shekara shida ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Kano, kuma kusan duk cinikina ta wannan asusun yake shigowa. Abin da ya faru kuwa tun ranar Lahadi da daddare ya fara. Wani saƙo ya shigo mini ta Messenger da turanci, da tambarin kamfanin a jikinsa, cewa an kai ƙarar shafina kan amfani da hotunan da ba nawa ba, za a rufe shi cikin awa 24 idan ban ɗaukaka ƙara ba. Na latsa linkin da ke ƙasa, shafi ya buɗe kamar na Facebook sak, na rubuta lambar wayata da kalmar sirri. Can sai saƙon tes ya shigo da wasu lambobi, shafin ya nemi in rubuta su, na rubuta. Da hannuna na miƙa wa ɓarawo mabuɗin. Ban duba adireshin da ke saman shafin ba, wanda da na duba da na ga ba facebook.com ba ne.

Da na latsa "Forgot password?" na sa lambar wayata, aka ce babu wani asusu mai wannan lambar. Na sa imel ɗina, shi ma haka. A nan ne na san abin ya wuce canza kalmar sirri. Mutumin ya cire lambata da imel ɗina, ya sa nasa. Duk hanyar da aka saba bi a turo wa mutum lambobin tabbatarwa, yanzu wurinsa take kaiwa.

Kuskuren da na yi a daren nan shi ne naci. Na yi ta gwada tsofaffin kalmomin sirri, na yi ta neman a turo lamba, har sai da aka rubuto mini cewa an dakatar da ni na ɗan lokaci saboda yawan gwaji. Wato a lokacin da na fi bukatar ƙofar, ni da kaina na sa aka rufe ta. Na biyu kuma, na goge manhajar Facebook daga wayata na sake saukewa, a tunanina ko ita ce ta rikice. Daga baya ƙanina ya faɗa mini cewa wannan ma asara ce, domin bayanan da ke nuna cewa wannan wayar ta saba shiga asusun suna tafiya tare da manhajar idan aka goge ta.

Ƙanin nawa yana gyaran waya a Farm Centre, da safe ya zo gidan. Na miƙa masa wayar ina cewa ya shiga Facebook, sai ya ce, "Yaya, bar Facebook tukuna. Ina imel ɗinki? Kalmar sirrinsa ɗaya ce da ta Facebook?" Na ce ɗaya ce, domin rana ɗaya aka buɗe mini su. Ya girgiza kai, ya ce to daga nan za mu fara.

Bayanin da ya yi mini shi ne, duk lokacin da aka sauya imel ko aka cire shi daga asusu, Facebook yana aika saƙo zuwa tsohon imel ɗin, daga adireshin da ke ƙarewa da facebookmail.com, kuma a cikin saƙon akwai wurin da mutum zai latsa ya ce ba shi ya yi ba. Idan aka latsa shi da wuri, yana iya warware canjin nan take ba tare da an nemi katin shaida ba. Muka shiga Gmail ɗina, Allah Ya taimaka ɓarawon bai canza kalmar sirrinsa ba. A akwatin saƙonni babu komai daga Facebook. Ƙanina ya buɗe "Trash", sai ga su nan guda huɗu a jere, dukkansu na daren Lahadi: an canza kalmar sirri, an ƙara sabon imel, an cire tsohon, an cire lambar waya. Tsakanin na farko da na ƙarshe minti 19 ne kawai. Mutumin ya shiga imel ɗin ya goge su don kada in gani. Gmail yana ajiye abin da aka goge na kwana 30 kafin ya share shi gaba ɗaya, shi ya sa muka same su.

Muka latsa linkin da ke cikin saƙon cire imel, aka ce wa'adinsa ya wuce. Kwana biyu da rabi ya riga ya shige. Na zauna a bakin gado na yi shiru. Da a daren Lahadi ko safiyar Litinin na leƙa imel ɗin nan, da wataƙila maganar ta ƙare a minti biyar. Amma ni imel ba wurin da nake leƙawa ba ne, an buɗe shi ne kawai don waya ta yi aiki, kamar yadda yake a wurin yawancin matan da nake hulɗa da su.

Duk da haka aikin da muka yi a imel ɗin bai tafi a banza ba. Ya canza kalmar sirrin, ya shiga myaccount.google.com ya duba na'urorin da ke ciki, muka ga wata kwamfuta da ban taɓa mallaka ba, ya fitar da ita. Sannan ya buɗe Gmail a kwamfutarsa, domin akwai saitin da manhajar waya ba ta nunawa. A ƙarƙashin "Filters and Blocked Addresses" muka tarar da wani umarni da aka dasa: duk saƙon da ya zo daga Facebook a jefa shi shara kai tsaye. Ya goge shi, ya duba "Forwarding and POP/IMAP" ya tabbatar ba a karkatar da saƙonnina zuwa wani adireshin ba. Da ba mu cire wannan umarnin ba, da ko Facebook ya rubuto mini ba zan gani ba.

Kafin mu ci gaba, sai da na tsayar da jinin da ke zuba. Na sa sanarwa a sitatus ɗin WhatsApp, na tura wa ƙungiyoyin kwastomomina da na 'yan'uwa saƙon murya, domin mutanenmu sun fi sauraron murya a kan karatu: an yi wa asusuna kutse, kada kowa ya tura kuɗi, kada kowa ya latsa linkin da aka turo da sunana. Kwastomar da ta tura naira 45,000 na ce ta kira bankinta a ranar ta shigar da ƙorafi tare da shaidar turawar. Wasu daga cikin ƙawayena suka ce za su taru su kai ƙarar asusun don a rufe shi. Ƙanina ya hana. Ya ce idan za a kai rahoto, a zaɓi cewa an yi masa kutse ne, kada a ce na bogi ne ko na damfara, domin idan aka rufe shi a kan wannan laifin, ni ce zan dawo ina fama da ɗaukaka ƙara.

Matsala ta gaba ita ce yadda za mu nuna wa Facebook asusun da muke magana a kai, tunda lamba da imel ba sa gano shi. Sunana kuwa, masu irinsa a Facebook sun fi a ƙirga. Sai ya karɓi wayar maƙwabciyata wadda muke abota da ita a can, ya buɗe shafina daga wajenta, ya latsa ɗigo ukun nan da ke gefe, ya kwafo linkin shafin. Abin da ke ƙarshen linkin, bayan facebook.com/, shi ne sunan da asusun ke amsawa, kuma ana iya sa shi a wurin neman asusu a facebook.com/login/identify. Da muka sa, sai ga hotona ya fito. A ƙasansa aka nuna inda za a tura lambar tabbatarwa: wani imel da aka rufe tsakiyarsa da taurari, wanda ba nawa ba ne.

Nan ne muka daɗe. A kwamfutar ƙanina, zaɓi ɗaya kawai ake ba mu, wato a tura lamba zuwa imel ɗin ɓarawon. Mun bi ta facebook.com/hacked, muka ce an yi kutse, muka sa tsohuwar kalmar sirri, aka sake dawo da mu wuri guda. Kamar mai zagaya gida yana neman ƙofa. Sai ya tambaye ni, "Yaya, ban da wannan wayar, da me kika taɓa shiga Facebook?" Na tuna da tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi da na bar wa yara suna kallon katun. Kafin in sauke manhaja, a cikin Chrome nake shiga da ita, kusan shekara uku. Muka ɗauko ta daga ƙasan katifa, muka yi caji, muka haɗa ta da intanet ɗin layina a nan cikin gidan. Da muka bi hanyar nan dai da muka bi a kwamfuta, sai ga wani layin rubutu ƙarami a ƙasa wanda bai fito ba a can: "No longer have access to these?"

Wannan layin shi ne ƙofar duk wanda aka sauya wa imel da lamba, kuma ya fi fitowa a na'urar da Facebook ya san mutum da ita. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an shawarci wanda aka yi wa kutse da ya goge komai a wayarsa ko ya tafi kafe ya gwada. Tsohuwar wayar da mutum ya raina, da burauzar da bai share tarihinta ba, su ne shaidunsa na farko.

Da muka latsa, aka nemi sabon imel wanda za a riƙa tuntuɓata da shi. Na so in sa tsohon nawa tunda mun tsare shi, ƙanina ya ce a'a, a buɗe sabo fil wanda ba a taɓa haɗa shi da wani asusun Facebook ba, da kalmar sirri dabam. Muka buɗe, aka turo lamba can, muka sa. Daga nan aka nemi hoton katin shaida.

Na ɗauko takardar NIN ɗina, wadda aka lulluɓe da roba. Dare ya yi, muka ɗauki hoton a ƙarƙashin fitila, hasken ya bugi robar ya rufe rabin fuskata. Muka tura a haka saboda gaggawa. Bayan kwana biyu amsa ta zo cewa ba a iya tabbatar da ni da abin da na turo ba. Da muka zauna muka duba, sai muka ga laifin bai tsaya a kan hasken ba. A Facebook sunana da na mahaifina nake amfani da su, kamar yadda aka san ni tun ina budurwa, amma a NIN sunan maigidana ne a ƙarshe, domin bayan aure na yi rajista. Wanda zai duba takardar bai san ni ba, abin da yake gwadawa kawai shi ne suna, ranar haihuwa da hoto su dace da abin da ke asusun. Wannan abu yana kama matan Hausawa da yawa, har da waɗanda suka sa alkunya irin su Maman wane ko Ummu wance a maimakon suna. Ni sa'ata ita ce katin zaɓena, wanda na yi kafin aure, yana ɗauke da sunan mahaifina, kuma ranar haihuwar da ke jikinsa ita ce na sa a Facebook.

A tsakanin wannan jiran ne na yi abin da har yanzu yake ci mini rai. Na rubuta kukana a wani zauren mata, cikin minti kaɗan mutane uku da ban sani ba suka amsa, kowa yana ba da sunan wani ƙwararre da ya dawo masa da nasa asusun. Na tuntuɓi ɗaya ba tare da na faɗa wa ƙanina ba. Ya ce aikin awa biyu ne, naira 10,000. Na tura. Ya turo mini hoton wani allo mai baƙin bango da rubutu kore, ya ce ya shiga, saura naira 15,000 ta sayen wata manhaja, sannan in turo masa hoton katin shaidata gaba da baya. A nan jikina ya ba ni. Na nuna wa ƙanina, ya ce, "Yaya, babu wani mutum a waje da yake da mabuɗin Facebook. Duk abin da mai gaskiya zai iya yi miki shi ne ya zauna kusa da ke ku cike fom ɗin da muke cikewa, kuma fom ɗin kyauta ne." Dubu goman ta tafi. Da na tura katin, da na ba wani baƙo abin da zai yi damfara da sunana a wasu wuraren.

Karo na biyu mun yi shi a natse. Da hantsi, a tsakar gida inda akwai haske amma rana ba ta bugawa kai tsaye, na shimfiɗa baƙin mayafi a kan tabarma, na ɗora katin zaɓen a kai. Ƙanina ya goge idon kyamarar da gefen rigarsa, ya kashe filasha, ya ɗauka daga sama yadda kusurwa huɗun katin duk suka fito, babu yatsa a kai, kowane harafi yana karantuwa. Muka tura daga tsohuwar wayar nan dai. Sannan ya ce kada in sake taɓa fom ɗin har sai amsa ta zo, in dai riƙa duba sabon imel ɗin safe da yamma, har da "Spam".

Ranar Laraba ta sati na biyu saƙon ya iso, da linkin sake saita kalmar sirri. Kafin in latsa, sai da na duba adireshin mai aikowa na ga facebookmail.com ne. Na sa sabuwar kalma, na yi hamdala, sai ga wani shinge: ana neman lambobi shida daga manhajar tabbatarwa. Ɓarawon ya kunna matakin tsaro na biyu da wayarsa, wanda ni ban taɓa kunnawa ba. Hawaye ya zubo mini, ina gani ga ɗakina amma an sa wani kwaɗon. Ƙanina ya nuna mini rubutun da ke ƙasa na neman wata hanyar tabbatarwa, muka bi shi, aka sake neman katin, muka tura hoton nan mai kyau. Washegari da yamma aka buɗe.

Abin da na gani a ciki ya tayar mini da hankali. Ya yi hira da mata sama da talatin da sunana, yana kwaikwayon yadda nake gaisuwa, har da "Allah Ya bar zumunci" da nake rufe magana da shi, domin ya karanta tsofaffin hirarrakina. Na duba wurin bayanan tuntuɓa na cire imel ɗinsa da lambarsa, na mayar da tawa, na rubuta wa jama'a cewa na dawo. Ƙanina yana shago a lokacin, na ce masa ba sai ya zo ba, an gama.

Da asuba, bayan na idar da salla, na ɗauki waya na ga saƙo a sabon imel ɗina: an ƙara wani adireshin imel a asusunki. Minti 25 da shigowarsa. Hannuna yana rawa na latsa wurin da ake cewa ba ni ba ce. Wannan karon linkin yana da rai. Aka kulle asusun, aka bi da ni mataki-mataki, na sake canza kalmar sirri, aka cire adireshin da ya ƙara. Abin da ya ci mini kwana goma a karon farko, a karo na biyu bai kai rabin awa ba, kuma bambancin kawai shi ne na ga saƙon da wuri.

Ƙanina ya zo kafin ya buɗe shago. Ya shiga "Accounts Center", ya nuna mini abin da ban lura da shi ba: ban da Facebook ɗina, akwai wani asusun Instagram da ban sani ba an haɗa shi da nawa. Ni ban taɓa buɗe Instagram ba. Ta nan mutumin ya dawo, domin asusun da aka haɗa a wuri guda ana iya saita su yadda za a shiga ɗaya ta ɗayan, ko da an canza kalmar sirri. Ya cire shi. Ya shiga "Password and security", ya buɗe "Where you're logged in", ya fitar da kowace na'ura ban da wayar da ke hannuna. Sannan ya koma shafin kasuwancina, a "Page access", inda muka tarar da sunan wani baƙo da aka ba cikakken iko. Da an bar shi, ranar da ya ga dama zai iya cire ni daga shafin da na gina shekara shida, ko da asusuna yana hannuna. Shi ma aka cire shi. Muka duba wurin biyan kuɗin talla, babu katin banki a ciki, domin ban taɓa sawa ba.

Daga ƙarshe ya kunna mini matakin tsaro na biyu da manhajar tabbatarwa a wayata, ya fito da lambobin ko-ta-kwana guda goma da Facebook ke bayarwa, waɗanda kowace ɗaya sau ɗaya take aiki idan waya ta ɓata. Ya ce kada in ɗauki hotonsu in bari a wayar. Na kwafe su da biro a bayan littafin da nake rubuta bashi, na sa shi a akwatin da nake ajiye takardun haihuwar yara.

Mata biyu ne suka tura wa ɓarawon kuɗi, jimilla naira 73,000. Kuɗin bai dawo ba. Maigidana ya ce ba dole ba ne in biya tunda ba ni na karɓa ba, amma ni na san sunana suka yarda da shi suka tura. Na kira kowaccensu, muka yi magana, na aika musu da kayan da suka zaɓa, su kuma suka ce za su biya rabin kuɗin. Ta farkon, wadda kiranta ya fara sanar da ni, ta ce, "Hajiya, daga yau ko ke ce kika rubuto mini lambar banki, sai na kira na ji muryarki." Na ce mata hakan nake so, kuma na rubuta shi a saman shafina na maƙale shi, yana nan har yanzu.